Shafin da Ake Karantawa da Kunne: Yadda Ake Gwada Shafin Intanet Domin Makafi da Masu Raunin Gani

A shekarar 1999 wani makaho ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Bruce Maguire ya kai kwamitin shirya gasar Olamfik ta birnin Sidni ƙara gaban hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasarsu. Ɗaya daga cikin koke-kokensa shi ne shafin intanet na gasar ba ya karantuwa a na'urarsa: hotuna ba su da bayani a rubuce, jadawalin sakamakon wasanni kuma ba ya biyuwa. A shekarar 2000 hukumar ta ba shi gaskiya, daga baya kuma ta umarci kwamitin ya biya shi diyyar dalar Ostareliya 20,000.

Yau fiye da shekara ashirin ke nan, amma kurakuran da ya yi kuka da su suna nan birjik, alhali hidimomin da suka koma intanet sai ƙaruwa suke yi. Rajistar jarrabawa, neman aiki, biyan kuɗin makaranta da tura kuɗi duk sun zama na cike fom a waya ko kwamfuta. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan ɗaya 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma idan aka haɗa da masu raunin gani adadin ya haura miliyan huɗu. Duk fom ɗin da bai cikuwa sai da lafiyayyen ido, ya tilasta wa waɗannan mutane neman wanda zai cike musu, su miƙa masa lambar sirrinsu da duk bayanansu.

Akwai hanyar da ake gane irin wannan shafi tun kafin a sake shi ga jama'a. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma tambaya ɗaya yake amsawa: shin mutum zai iya fara abin da ya kawo shi shafin ya kai ƙarshe shi kaɗai?

Abin da manhajar take karantawa

Makaho yana amfani da kwamfuta ko waya ta hanyar manhajar karanta allo, wadda ke furta masa abin da ke kan sikirin da murya, ko ta aika shi zuwa na'urar rubutun makafi ya shafa da yatsu. A kwamfutoci masu Windows akwai JAWS, wadda ta kuɗi ce, da NVDA, wadda kyauta ce. Wani matashi makaho a Ostareliya, Michael Curran, shi ya fara rubuta NVDA a 2006, sannan abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo aikin. Wayoyin Android suna da TalkBack, na kamfanin Apple kuma suna da VoiceOver.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne manhajar ba kallon shafin take yi ba. Ba ruwanta da girman rubutu, ko launi, ko cewa wannan akwati yana kusa da wancan. Abin da take samu shi ne bayanin da burauza ta tsamo daga rubutun da aka gina shafin da shi. Game da kowane abu tana neman sanin abu uku: sunansa, ko shi mene ne, da halin da yake ciki. Sunansa "Aika", shi maɓalli ne, kuma a yanzu ana iya danna shi. Idan maginin shafin ya zana abu mai kama da maɓalli amma bai rubuta cewa maɓalli ne ba, mai ido zai ga maɓalli, manhajar kuma ba za ta san da shi ba.

Na biyu, ƙwararren mai amfani da manhajar ba ya zama ya saurari shafi daga sama har ƙasa. Tsallake-tsallake yake yi. A NVDA harafin `H` yana kai shi kanun rubutu na gaba, `F` yana kai shi gurbin cikewa na gaba, `B` maɓalli, `K` kuma mahaɗin da ke kaiwa wani shafin. Shafin da ba a yi wa kanunsa alama ba tamkar kaset ne a rediyon da maɓallin turawa gaba ya lalace, dole ka saurari komai kafin ka iso wurin da kake nema.

Ma'auni da na'urar bincike

Ma'aunin da duniya ke aiki da shi sunansa WCAG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet take fitarwa. Na farko ya fito a 1999, na biyu a 2008, sabon gyara mai lamba 2.2 kuma a watan Oktoban 2023. Yana da matakai uku, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar ne dokokin ƙasashe da yarjejeniyoyin kwangila suka fi nema.

Yawancin masu gwaji suna farawa da manhajojin bincike irin su WAVE, axe ko Lighthouse, waɗanda ke duba shafi cikin daƙiƙu su jero kurakurai. Suna da amfani. Cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka takan binciki shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya duk shekara da irin wannan manhaja, kuma a 2024 ta sami kuskure a kusan kashi 96 cikin ɗari. Mafi yawa shi ne rubutun da launinsa bai fita sosai daga launin bayansa ba, sai hotuna marasa bayani, sai guraben fom marasa suna.

Sai dai ganinsu yana da iyaka. Sashen ayyukan intanet na gwamnatin Birtaniya ya taɓa gina shafi da gangan, ya cusa masa kurakurai fiye da 140, ya sa manhajojin bincike su nemo su. Wadda ta fi ƙoƙari ta tsaya ne a wajen kashi 40 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Manhaja za ta iya gane cewa hoto ba shi da bayani, amma idan aka rubuta masa "hoto" kawai a matsayin bayani, ba lallai ta san cewa aikin banza aka yi ba. Ba za ta kuma san ko mutum ya gane abin da ya faru bayan ya danna maɓalli ba. Sauran aikin na hannu ne da kunne.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: fom na neman gurbin karatu a wata makaranta. Yana neman suna, lambar waya, jiha da hoton mai nema, a ƙasa kuma akwai koren maɓalli da aka rubuta wa "Aika".

Mataki na farko: a ajiye linzami

Kafin a kunna kowace murya, mai gwaji yana ture linzamin kwamfuta gefe, domin makaho ba ya amfani da shi. Maɓallan da zai taɓa kaɗan ne: `Tab` don matsawa gaba, `Shift` da `Tab` don komawa baya, `Enter` ko `Space` don dannawa, kibiyoyi don zaɓi cikin jeri, `Esc` don rufe abin da ya buɗe.

Yana danna `Tab` yana lura da abu uku. Shin yana ganin inda yake? Burauza takan zagaye abin da aka tsaya a kai da wani layi, amma masu zane da yawa sukan goge layin da umarnin `outline: none` don wai yana ɓata kwalliya, sai mai raunin gani da ke aiki da madannai ya rasa inda ya kwana. Shin tafiyar tana bin tsari, daga suna zuwa lambar waya zuwa jiha, ko tana yin tsalle zuwa ƙasan shafi ta dawo? Shin kuma akwai abin da aka tsallake gaba ɗaya?

A fom ɗinmu, bayan gurbin hoto, `Tab` ya wuce koren maɓallin kamar babu shi, ya faɗa kan adireshin makarantar da ke can ƙasa. Idan aka leƙa rubutun shafin sai a ga dalili. Layi na farko shi ne abin da aka rubuta, na biyu shi ne abin da ya kamata:

```html
<div class="btn" onclick="aika()">Aika</div>
<button type="submit">Aika</button>
```

A ido duka biyun za su iya zama iri ɗaya. Amma `div` akwati ne kawai, burauza ba ta tsayawa a kansa, kuma ba ta gaya wa manhajar karatu cewa maɓalli ne. Shi kuwa `button` da kansa yake karɓar `Tab` da `Enter` da `Space`. Wannan kuskure ɗaya ya isa ya hana mutum miƙa takardarsa bayan ya gama wahalar cike ta.

A wannan mataki ne kuma ake gwada tagogin da ke faɗowa kan shafi, irin mai cewa "Ka tabbata?" Idan taga ta buɗe, dole ne madannai su koma cikinta, su zauna a ciki har a rufe ta, sannan su dawo inda aka tsaya. Wadda ba a gina da kyau ba takan rufe fuskar shafin, amma `Tab` ya ci gaba da yawo a bayanta.

Mataki na biyu: a kunna murya

Yanzu sai a kunna NVDA tare da burauzar Firefox ko Chrome. Sabon shiga yakan ruɗe da yawan maganar, don haka ya fara riƙe abu biyu: `Ctrl` yana sa ta yi shiru, sannan a cikin kayan aikinta akwai `Speech Viewer`, wata 'yar taga da ke rubuta duk abin da muryar ta furta, wadda ke taimakawa wajen rubuta rahoto.

Abin da za a fara ji shi ne sunan shafin. Idan kowane shafi na makarantar sunansa "Home", mai shafuka biyar a buɗe ba zai bambance su ba. Daga nan sai a danna `Insert` da `F7`, jerin mahaɗai da kanun shafin ya fito. Nan take ake gane shafin da aka gina da kula. Jerin kanu mai kyau yana karantuwa kamar abubuwan da ke cikin littafi. A namu jerin fayau yake, domin "Bayanan Mai Nema" da "Takardun Shaida" an ƙara musu girma da kauri ne kawai, ba a yi musu alamar kanu ba. Jerin mahaɗai kuma ya nuna "danna nan" har sau shida. Mai ido yana ganin jimlar da ke gefen kowanne, amma wanda ke bin jerin ba shi da hanyar sanin wanne ne na kuɗin fom, wanne ne na ranar jarrabawa. Gyaran shi ne kowane mahaɗi ya faɗi inda za shi: "Duba kuɗin fom", "Duba ranar jarrabawa".

Sai hotuna. Kowane hoto mai ɗauke da saƙo yana buƙatar bayani a gurbin da ake kira `alt`. Idan babu, manhajar na iya cewa `graphic` ta wuce, ko ta kama karanto sunan fayil harafi da lamba. Hoton ado kuwa ana barin gurbinsa fayau, wato `alt=""`, don ta tsallake shi. Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a wurinmu: a buga sanarwa a takarda, shugaba ya sa hannu, a ɗauki hotonta a ɗora a shafi. A misalinmu ranar rufe karɓar fom tana cikin irin wannan hoto ne kaɗai. Ga mai sauraro babu wannan rana a shafin. Sanarwa tana buƙatar a rubuta ta da haruffa, hoton takardar ya zama ƙari.

Da aka shiga guraben fom ɗin da `Tab`, a gurbi na biyu muryar ta ce `edit blank`, wato ga wurin rubutu kuma babu komai a ciki. Me za a rubuta? Ba ta faɗa ba. A sikirin an rubuta "Lambar waya" a gefen gurbin, amma ba a ɗaura rubutun da gurbin ba. Ga yadda ake ɗaurawa:

```html
<label for="waya">Lambar waya</label>
<input id="waya" type="tel" required>
```

Da wannan, muryar za ta faɗi "Lambar waya", ta ce wurin rubutu ne, ta kuma ce wajibi ne a cike shi. Akwai dabarar gane wannan kuskure ko ba manhaja: a danna kan rubutun "Lambar waya" da linzami. Idan an ɗaura su, alamar rubutu za ta faɗa cikin gurbin. Idan ba ta motsa ba, ba a ɗaura ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe

Mai gwajin da ya san aikinsa ba ya cike fom daidai kawai. Da gangan yake yin kuskure, domin a nan ne shafuka da yawa ke ba da kunya. Lambar wayar Najeriya lambobi 11 ce, sai ya rubuta 10 ya danna "Aika".

A sikirin, gurbin ya koma ja, wani ƙaramin rubutu ya fito a can sama yana cewa an sami matsala. A kunne kuwa tsit. Mai sauraro bai san ko fom ya tafi ba, ko intanet ce ta yanke, ko maɓallin ne bai dannu ba. Zai sake dannawa, ya sake. Idan shafin biyan kuɗi ne, wannan shirun yana iya sa mutum ya biya sau biyu, ko ya tashi yana zaton ya biya.

Manhajar karatu tana bin inda mutum yake tsaye ne. Abin da ya canza a wani sashe na shafin ba ta sanar da shi sai an gaya mata. Hanya ɗaya ita ce a sa wa saƙon wata alama wadda ke sa a furta shi da zarar ya bayyana:

```html
<p role="alert">Lambar waya ba ta cika ba. A rubuta lambobi 11.</p>
```

Hanya ta biyu ita ce shafin ya ɗauki mutum ya mayar da shi gurbin farko da ke da kuskure, tare da ɗaura saƙon a jikin gurbin. A kuma lura da lafazin saƙon kansa. Ya ambaci gurbin, ya faɗi laifinsa, ya faɗi gyara. "An sami matsala" ba ta gaya wa kowa komai. Jan launi shi kaɗai ma bai wadatar ba, domin ban da makaho akwai wanda ba ya bambance ja da kore.

Haka za a gwada nasara. Bayan an gyara lambar an sake aikawa, dole a ji cewa an karɓa, a kuma iya komawa kan lambar rajista a saurare ta ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu kuma sukan tare hanya dab da ƙarshe. Na farko shi ne hoton karkatattun haruffa da ake cewa mutum ya kwafa don a tabbatar ba na'ura ba ce. Idan ba a tanadi wata hanya ba, nan tafiyar makaho ta ƙare. Na biyu shi ne agogo. Wanda ke cike fom da kunne yana ɗaukar lokaci fiye da mai ido, musamman idan sai ya fita ya saurari lambar da aka turo masa ta saƙon waya ya dawo. Ƙa'idar ita ce, in dai ba dole ba ne iyakar lokacin, a bar mutum ya kashe ta ko ya tsawaita ta, ko a gargaɗe shi kafin lokacin ya ƙare a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari.

Duk wannan sai an maimaita shi a waya, tunda da ita yawancin mutanenmu ke shiga intanet. Da TalkBack a kunne, shafa yatsa zuwa dama yana kai ka abu na gaba, bugu biyu yana dannawa, yatsu biyu kuma suna gungura shafi. Abin da aka fi kamawa a waya shi ne maɓallan da zane ne kawai a jikinsu, kamar layuka ukun nan na buɗe jeri ko gilashin bincike. Idan ba a ba su suna ba, abin da za a ji shi ne "maɓalli" kurum.

Masu gani kaɗan

Masu raunin gani sun fi makafi yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawansu ba sa amfani da murya sam. Dattijon da yanar ido ta fara rufe masa gani, mai hawan jinin ido da ganinsa ya tsuke ya koma tsakiya kaɗai, mai ciwon suga da ya taɓa masa ido, da zabiya da haske ke damunsa, kowannensu da idonsa yake karatu, sai dai yana buƙatar rubutu babba kuma fitacce. Gwajinsu daban ne.

Na farko shi ne faɗaɗawa. A buɗe burauza a faɗin fiksel 1280, a riƙe `Ctrl` ana danna `+` har a kai kashi 200. Rubutu bai kamata ya hau kan ɗan'uwansa ko ya yanke a cikin akwati ba. Sai a ci gaba har kashi 400, inda faɗin da ya rage ya yi daidai da fiksel 320. A nan ana son shafin ya sake jera kansa ya zama layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Idan sai an ja dama an dawo hagu kafin a gama kowane layi, karatu ya zama azaba. An yi wa taswira da babban jadawali uzuri, amma ba a yi wa rubutu da fom ba. A fom ɗinmu, a kashi 400, tambarin makaranta da jerin da aka manne a saman shafi sun cinye fiye da rabin sikirin, gurbi ɗaya tak ake gani a ƙasansu. Saƙon kuskuren nan da ke can sama kuma ya fita daga inda ido yake, don haka mai faɗaɗa sikirin ya rasa shi kamar yadda makaho ya rasa. Shi ya sa ake son saƙo ya fito dab da gurbinsa. A waya kuma a gwada buɗe shafi da yatsu biyu, domin wasu masu gini sukan hana hakan da `user-scalable=no`.

Na biyu shi ne bambancin launi, kuma wannan ba a barin ido ya yanke hukunci, aunawa ake yi. Ma'aunin yana farawa daga 1:1, wato launi ɗaya a kan kansa, zuwa 21:1, wato baƙi a kan fari. Rubutu na yau da kullum yana buƙatar aƙalla 4.5:1. Babban rubutu, daga fiksel 24, da kuma layin da ya zagaye gurbin fom, suna buƙatar 3:1. Ana ɗaukar lambar launin rubutu da ta bayansa a zuba a ma'auni irin na WebAIM, ya ba da amsa. Tokar da masu zane ke so, `#999999`, a kan fari tana ba da 2.85:1, ta faɗi. Sai an duhunta ta zuwa `#767676` take kaiwa 4.54:1. Abin da zai ba mutane mamaki shi ne jan nan tsantsa, `#FF0000`, da ake rubuta gargaɗi da shi, a kan fari bai wuce 4:1 ba, don haka shi ma bai isa ƙaramin rubutu ba. Wannan gyara kowa yana cin moriyarsa, domin mai lafiyayyen ido da ke duba waya a tsakar rana shi ma toka-tokan rubutu ɓace masa yake yi.

Idan shafin na Hausa ne

Shafi yana gaya wa manhajar karatu harshensa ta wata alama a layinsa na farko, ta Hausa ita ce `lang="ha"`. Masu gini da yawa sukan kwafo ƙirar shafi da `lang="en"` a jikinta su bar ta haka, sai a sanar da manhajar cewa Turanci ne. Sa alamar daidai ba ya ƙirƙiro muryar Hausa a na'urar da ba ta da ita, amma shi ne ke ba na'urar da ke da ita damar ɗaukowa. Idan shafi ya haɗa harsuna biyu, kowane sashe a yi masa tasa alamar.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna buƙatar gwaji na musamman. A kunne, muryar da ba ta san su ba tana iya tsallake harafin ko ta tsinke kalmar, don haka a saurari muhimman kalmomi, musamman na kan maɓallai, a ji ko ana gane su. A ido kuma, idan salon haruffan da aka zaɓa ba shi da su, burauza takan aro daga wani salon, sai harafin ya fito siriri ko karkatacce a tsakiyar kalma, wani lokaci ma ɗan akwati ne zai fito a madadinsa. Mai ƙarfin ido zai cike gurbin da hankalinsa, amma mai karatu harafi-harafi a kan faɗaɗɗen sikirin zai tsaya cak.

A kira masu abin

Mai ido da ya koyi NVDA na mako biyu zai kama kurakurai da yawa, amma ba zai yi aiki da ita kamar wanda ya shekara goma da ita ba. Shi yana sauraro a hankali, wancan ya ƙure saurin muryar har baƙo ba ya tsintar kalma. Shi ya riga ya ga shafin ya san inda komai yake, wancan bai taɓa gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka gwaji ba ya cika sai an zauna da makafi da masu raunin gani, kowa da na'urarsa da saitin da ya saba, kuma a biya su ladan lokacinsu kamar kowane ƙwararre. Ƙungiyoyin makafi da makarantun masu buƙata ta musamman su ne wuraren da ake samun su.

Aiki ake ba mutum, ba tambayar ra'ayi ba: "Malam, ga shafin, a nemi gurbin karatu da wannan suna da wannan lamba." Sai a yi shiru. Abin da ya fi wuya ga mai gwaji shi ne ya ga mutum yana kewaya maɓalli ya hana bakinsa cewa "ga shi nan ƙasa kaɗan". Da zarar ya faɗa, ya ɓata gwajin, domin ranar da mutumin zai cike fom na gaske babu mai raɗa masa.

Rahoton da ke sa a yi gyara shi ne wanda magini zai iya bi ya ga matsalar da kansa. Ya faɗi shafin, da manhajar karatu da burauzar da aka haɗa, da matakan da aka bi, da abin da aka ji, da abin da ya kamata a ji. Sannan a jera matsaloli bisa nauyinsu. Abin da ke hana kammala aiki shi ne kan gaba. A misalinmu su ne maɓallin "Aika", da saƙon kuskure marar sauti, da ranar rufewa da ke cikin hoto. Abin da ke wahalarwa amma ana iya kewaye shi, kamar kanu da "danna nan", ya biyo baya. Manhajar bincike tana iya jero kurakurai ɗari na launi ta rasa waɗannan ukun, don haka yawan adadi ba shi ne ma'aunin haɗari ba.

Gyaran manyan matsalolin nan uku bai fi 'yan layuka ba, kuma ya fi arha idan an kama su tun ana gini. Makaranta ko ma'aikatar da za ta ba da kwangilar shafi tana iya rubuta matakin AA na WCAG cikin yarjejeniya, ta kuma sa sharaɗin cewa kafin a biya kuɗin ƙarshe sai an cike babban fom ɗin a gabanta ba tare da linzami ba, da murya a kunne, sannan a kan faɗin kashi 400. Kuma duk lokacin da aka sauya fom ko aka ƙara sabon shafi sai an sake bin matakan, domin maɓallin da aka gyara bana yana iya komawa `div` baɗi a hannun wani sabon magini.